Sau Nawa Ake Biyan Bashi a Shekara: Lissafin Mako-mako, Mako Bibbiyu da Mako Hurhuɗu

Wanda ke biyan bashi kowane mako zai biya sau 52 a shekara. Wanda ke biya duk bayan mako biyu zai biya sau 26, mai biya duk bayan mako huɗu kuma sau 13. Waɗannan alkaluma uku su ne ginshiƙin duk wani jadawalin biyan bashi da aka ɗora a kan mako. Suna da sauƙin riƙewa, amma mutane da yawa kan musanya su da 48, 24 da 12, saboda sabon da aka yi da cewa wata mako huɗu ne. Daga wannan musanya ne wani saɓanin tsakanin mai bashi da wanda ake bi kan faro, kuma ita ce ke sa kasafin kuɗin gida ya gaza a wasu watanni ba tare da maigida ya gane dalili ba.

Inda alkaluman suka fito

Shekarar Miladiyya kwana 365 ce, sai shekarar da Fabrairu ke yin kwana 29 wadda take da 366. Idan aka raba 365 gida bakwai-bakwai, za a sami mako 52 da ragowar kwana ɗaya, domin 52 sau 7 shi ne 364. Wannan 364 ɗin yana rabuwa daidai da 14, ya ba da 26, yana kuma rabuwa daidai da 28, ya ba da 13. Saboda haka tsare-tsaren uku 'yan gida ɗaya ne: biyan mako biyu shi ne biyan mako-mako guda biyu a haɗe, biyan mako huɗu kuma guda huɗu a haɗe, kuma dukkansu suna cika a cikin kwana 364.

Wata kuwa nasa lissafin daban ne. Fabrairu kaɗai ke da kwana 28, wato mako huɗu cif, shi ma sai a shekarar da ba a ƙara masa kwana ba. Sauran watanni goma sha ɗaya suna da kwana 30 ko 31, kowanne da rarar kwana biyu ko uku a kan mako huɗu. Watanni bakwai masu kwana 31 suna ba da rarar kwana 21, watanni huɗu masu kwana 30 suna ba da 8, jimilla kwana 29. Wannan rara ita ce ke zama ƙarin mako huɗu da kwana ɗaya a ƙarshen shekara. Wanda ya ɗauki wata a matsayin mako huɗu ya ƙirga mako 48 ne kawai, ya bar mako huɗu a waje, alhali mai bin bashi ba zai bar su ba.

Don haka akwai tsare-tsare biyar da ya kamata a rarrabe. Uku suna bin mako, wato 52, 26 da 13. Biyu suna bin wata: biyan wata-wata sau 12, da biya sau biyu a wata, misali ranar 1 da ranar 15, wanda ke ba da 24. Biya duk mako biyu da biya sau biyu a wata sun yi kama a kunne, amma akwai bambancin biya biyu a tsakaninsu kowace shekara. Haka ma biya duk mako huɗu ya fi na wata-wata da biya ɗaya. Alamar da ke bambanta su a takarda ita ce wannan: idan an ambaci ranar mako, kamar Litinin ko Alhamis, tsarin na mako ne, idan kuwa an ambaci kwanan wata, kamar 5 ga wata, tsarin na wata ne.

Bashi guda, hanyoyin biya biyar

A ƙaddara wata mai sayar da atamfa ta karɓi rancen naira 520,000 daga bankin ƙananan 'yan kasuwa, aka amince za ta mayar da jimillar naira 624,000 cikin shekara ɗaya. Ko ƙarin naira 104,000 ɗin kuɗin ruwa ne da aka yanke tun farko, ko kuwa ribar ciniki ce irin ta murabaha da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ke yi, rabon iri ɗaya ne: a ɗauki jimillar a raba da adadin biya.

Idan mako-mako ne, za ta riƙa ba da naira 12,000 har sau 52. Idan mako bibbiyu ne, naira 24,000 sau 26. Idan mako hurhuɗu ne, naira 48,000 sau 13. A tsarin wata-wata kuwa naira 52,000 ce sau 12, a tsarin sau biyu a wata kuma naira 26,000 sau 24. Kowace hanya aka bi, a naira 624,000 za a tsaya.

Matsalar takan zo ne a wajen kwatantawa. Idan aka ajiye mata naira 48,000 duk mako huɗu a gefe guda, da naira 52,000 duk wata a ɗaya gefen, ido zai nuna mata cewa na farkon ya fi sauƙi da naira 4,000. Alhali babu ko kwabo na rangwame a ciki, domin waccan naira 4,000 da ake ragewa sau goma sha biyu ita ce ke taruwa ta zama naira 48,000 ta biya na goma sha uku. Haka kuma idan ta zaɓi mako-mako, ta lissafa a ranta cewa naira 12,000 sau huɗu shi ne nauyinta na wata, to abin da ta tanada a shekara naira 576,000 ne, ya rage saura naira 48,000 da ba ta shirya musu ba.

Hanyar da ta dace ta mayar da kowane biya zuwa lissafin wata ita ce a fara haɗa na shekara, sannan a raba gida goma sha biyu. Biyan mako a ninka shi sau 52, na mako biyu sau 26, na mako huɗu sau 13, kana a raba abin da ya fito da 12. A wannan misali duka ukun naira 52,000 suke bayarwa. Wannan ne adadin da ya kamata a auna da abin da mutum ke samu a wata kafin ya sa hannu a takarda.

Yadda ranakun ke faɗuwa a kalanda

Ƙarin biyan ba ya jira sai ƙarshen shekara, a cikin watanni yake ɓuya. A ɗauki shekarar 2026, a ce biya na farko ya faɗo ranar Litinin, 5 ga Janairu. A tsarin mako-mako, watanni takwas suna da Litinin huɗu, amma Maris, Yuni, Agusta da Nuwamba kowanne yana da Litinin biyar. A waɗannan watanni huɗu mai atamfar za ta fitar da naira 60,000 maimakon 48,000, kuma biyanta na ƙarshe, na 52, zai zo ranar 28 ga Disamba.

A tsarin mako bibbiyu, watanni goma suna ɗauke da biya biyu, watanni biyu kuma suna ɗauke da uku. Daga 5 ga Janairu, wata na farko mai biya uku shi ne Maris, a ranakun 2, 16 da 30, na biyun kuma Agusta, a ranakun 3, 17 da 31. A kowannensu naira 72,000 za ta fita. Biya na 26 yana faɗowa ranar 21 ga Disamba.

Tsarin mako hurhuɗu shi ne ya fi yaudarar ido, domin da farko tamkar na wata-wata yake. Ranakunsa su ne 5 ga Janairu, 2 ga Fabrairu, 2 ga Maris, 30 ga Maris, 27 ga Afrilu, 25 ga Mayu, 22 ga Yuni, 20 ga Yuli, 17 ga Agusta, 14 ga Satumba, 12 ga Oktoba, 9 ga Nuwamba da 7 ga Disamba. Abu biyu ne ke bayyana a wannan jeri. Na farko, Maris ya ɗauki biya biyu. Na biyu, kwanan watan yana ja da baya da kwana biyu ko uku a kusan kowane karo, har ya zagaya watan gaba ɗaya.

Wannan ja da baya ya fi damun ma'aikaci mai albashin wata. A ce albashinsa na shigowa ranar 28 ga kowane wata. Albashin 28 ga Maris shi ne zai biya na 30 ga Maris, kuma shi ne dai zai biya na 27 ga Afrilu, domin albashin Afrilu ba zai iso ba sai washegari. Albashi guda ke nan ya ɗauki naira 96,000. Idan banki ne ke cire kuɗin kai tsaye daga asusu, a irin wannan rana ce ake tarar da asusun babu isassun kuɗi, kuma inda yarjejeniya ta tanadi tarar jinkiri, sai ta hau kan mutumin da bai yi niyyar saɓa alkawari ba.

Saboda haka zaɓin tsari ya fi kyau ya bi yadda kuɗi ke shigowa hannu. Mai shago, mai sayar da abinci, mai tuƙa adaidaita sahu da mai cin kasuwar mako suna samun kuɗi ne kullum ko mako-mako, don haka ƙaramin biya na kowane mako ya fi yi musu sauƙi a kan tara dunƙulallen kuɗi. A kan wannan tunani ne bankin Grameen na Bangladesh, wanda Muhammad Yunus ya kafa a 1983, ya gina tsarinsa na biya mako-mako a taron ƙungiya, tsarin da bankunan ƙananan 'yan kasuwa suka kwaikwaya a ƙasashe da dama. A Amurka, inda ma'aikata da yawa ke karɓar albashi duk mako biyu, biyan bashi duk mako biyu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da albashin. A Birtaniya kuma fanshon gwamnati yawanci duk mako huɗu ake biyansa, don haka mai karɓarsa yana samun kuɗi sau 13, daidai da bashin da ake biya sau 13. Wanda albashinsa ke zuwa sau 12 kuwa, tsarin wata-wata ne ya fi dacewa da shi.

Shekarun da ake samun 53, 27 ko 14

Ragowar kwana ɗayan nan da ke kan 364 ba ta ɓacewa. Ita ce ke sa ranar da shekara ta fara da ita ta zo sau 53. Shekarar 2026 ta fara ranar Alhamis, tana kuma ƙarewa ranar Alhamis, 31 ga Disamba, don haka duk mai biya ranar Alhamis zai biya sau 53 a cikinta, masu biya a sauran ranaku kuma sau 52. A shekara mai kwana 366 ranaku biyu ne ke zuwa sau 53: 2028 za ta fara ranar Asabar, saboda haka Asabar da Lahadi ne za su sami ƙarin. Kowace ranar mako takan sami irin wannan shekara duk bayan shekara biyar ko shida a mafi yawan lokuta. Litinin, alal misali, ta zo sau 53 a 2024, za ta sake a 2029, sannan a 2035.

Haka abin yake ga sauran tsare-tsaren biyu, sai dai ya fi jinkirin zuwa. Idan ranar biyan mako bibbiyu ta faɗo 1 ga Janairu a shekara mai kwana 365, biya na 27 zai faɗo 31 ga Disamba na wannan shekarar, kuma hakan na faruwa kusan sau ɗaya a shekara goma sha ɗaya. A tsarin mako hurhuɗu, biya na 14 yakan shigo kusan sau ɗaya a shekara ashirin da biyu ko ashirin da uku.

Ya kamata a fahimci abin da wannan ƙari ke nufi. Ba ya ƙara yawan bashi. Idan yarjejeniya ta ce biya 104 ne cikin shekara biyu, to 104 ɗin ne, ko da 53 sun faɗo a shekarar farko, 51 a ta biyu. Abin da ya canza shi ne nauyin da shekara ɗaya ta ɗauka. Inda ƙarin ke zama kuɗi na gaske shi ne a yarjejeniyar da ba ta faɗi adadin biya ba, ta ce kawai a riƙa biya kowane mako har zuwa ranar kaza, ko kuma a abin da ba shi da ƙarshe kamar kuɗin hayar shago na mako.

Ga masu lissafi da kalandar Hijira kuwa, alkaluman sun bambanta, domin shekararta kwana 354 ce ko 355, wato mako 50 da kwana huɗu ko biyar. Bashin da aka ce za a biya mako-mako daga azumi zuwa azumi zai ƙunshi biya 50 ko 51, na mako bibbiyu 25 ko 26, na mako hurhuɗu kuma 12 ko 13. Idan mai ba da bashi yana nufin shekarar Miladiyya, mai karɓa kuma yana nufin ta Hijira, akwai tazarar kimanin kwana goma sha ɗaya da ya kamata a warware tun kafin kuɗi su fita.

Tasirin adadin biya a kan kuɗin ruwa

Inda ake lissafa kuɗin ruwa a kan abin da ya rage na uwar kuɗi, ana raba ruwan shekara ne da adadin biya. Ruwan kashi 26 cikin ɗari a shekara yana zama rabin kashi ɗaya a mako, kashi 1 a mako biyu, kashi 2 a mako huɗu. Daga nan ake gane cewa mai ba da bashin da ya ce ruwansa kashi 2 ne a wata, amma yana karɓa duk mako huɗu, kashi 26 yake ɗorawa a shekara, ba 24 ba.

Idan aka ɗora wannan ruwa na kashi 26 a kan naira 520,000 na shekara ɗaya, biyan mako-mako zai kama kimanin naira 11,381, ruwan da za a biya gaba ɗaya kuma kimanin naira 71,800. A tsarin mako bibbiyu ruwan zai kai kimanin naira 73,100, a na mako hurhuɗu kuma kimanin 75,700. Mai amfani da Excel zai iya tabbatar da na farkon da wannan:

```
=PMT(0.26/52,52,-520000)
```

Sauran biyun ana samunsu ne ta sauya 52 ɗin, a wurare biyun, da 26 ko 13. Dalilin bambancin shi ne mai biya mako-mako yana rage uwar kuɗin da wuri, don haka ruwan yana hawa kan abin da ya fi ƙanƙanta. Amma ribar ba ta kai naira 4,000 ba a shekara guda, kuma kuɗin mota zuwa wurin biya sau 52 zai iya cinye ta.

A bashin da aka yanke ƙarinsa tun farko, kamar naira 624,000 na mai atamfa, lamarin yana juyawa. Jimillar ba ta raguwa komai saurin biya, saboda haka mai biya mako-mako yana mayar da kuɗin da wuri ne ba tare da an rage masa komai ba. Ƙarin da aka kira kashi 20 cikin ɗari, idan aka auna shi da kuɗin da ke hannunta a zahiri mako bayan mako, ya yi daidai da ruwan kusan kashi 37 a shekara a tsarin mako-mako, da kusan kashi 35 a tsarin mako hurhuɗu.

Akwai kuma wata dabara da ta shahara a Amurka da Kanada wajen biyan bashin gida: a raba biyan wata gida biyu, a riƙa ba da rabin duk mako biyu. Rabi 26 daidai yake da cikakken biyan wata 13, don haka mutum yana ƙara biyan wata guda kowace shekara, kuma wannan ƙarin ne ke rage shekaru daga dogon bashi, ba yawan zuwa biya ba. Wannan lissafin yana iya zama tarko a ƙaramin bashi. Idan aka raba naira 52,000 biyu aka ce mai atamfa ta riƙa ba da naira 26,000 duk mako biyu, bashinta zai ƙare a biya na 24, ranar 23 ga Nuwamba. Idan aka ci gaba da karɓa har sau 26 da sunan shekara ba ta cika ba, ta biya naira 676,000 ke nan, an karɓi naira 52,000 fiye da abin da ake bin ta.

Abin da za a duba a takardar yarjejeniya

Wa'adin da aka faɗa da watanni yana buƙatar a mayar da shi zuwa adadin biya. Wata uku mako 13 ne, ba 12 ba. Wata shida mako 26 ne, wato biya 26 na mako-mako ko 13 na mako bibbiyu, amma a tsarin mako hurhuɗu shida da rabi yake bayarwa, don haka dole takarda ta faɗa ko shida ne ko bakwai. Shekara biyu kuwa biya 104 ne, ko 52, ko 26.

Takardar da ta cika tana nuna abubuwa biyar: kuɗin kowane biya, adadin biyan, ranar na farko, ranar na ƙarshe, da jimillar abin da za a mayar. Gwaji biyu sun isa a tabbatar da su. Na farko, a ninka kuɗin biya ɗaya da adadin biya, a ga ko ya yi daidai da jimillar. Na biyu, a tuna cewa tsakanin biya na farko da na 52 mako 51 ne, tsakanin na farko da na 26 a tsarin mako bibbiyu mako 50, tsakanin na farko da na 13 a tsarin mako hurhuɗu kuma mako 48. Idan ranar farko da ta ƙarshe duka sun faɗo a kan ranar biya, kuma tazararsu ta kai cikakken mako 52, to an saka ƙarin biya ɗaya a jadawalin.

Ya kamata takardar ta kuma bayyana abin da zai faru idan ranar biya ta faɗo a ranar Sallah ko wani hutun gwamnati: ko za a biya kafin ranar, ko bayanta, ko a haɗa da biya na gaba, ko kuwa a ɗage makon zuwa ƙarshen jadawali. Ɗagewa tana tsawaita wa'adi ne kawai, ba ta canza adadin biya. Mai biya kuma yana kare kansa ta hanyar sa wa kowane biya lamba a katinsa ko littafinsa, daga 1 har zuwa 52, 26 ko 13, mai karɓa ya sa hannu a gaban kowace lamba. Da irin wannan rubutu, ranar da bashi ya ƙare a bayyane take ga ɓangarorin biyu, ko da wa'adin ya ratsa shekara mai mako 53.